Fanshon ma'aikatan BHS bayan rushewar kamfani

A watan Afrilun 2016 kamfanin kantunan BHS na Birtaniya ya durƙushe, ya bar giɓin fam miliyan 571 a asusun fanshon mutane wajen 19,000. Sai Asusun Kare Fansho, wato PPF, ya shigo ya fara tantancewa.

A wancan lokacin, kuɗin wannan asusu daga harajin da tsare-tsaren fansho ke biya suke fitowa, da kadarorin da ya gada, da ribar jari. Wanda ya riga ya kai shekarun ritaya yana karɓar haƙƙinsa cif. Wanda bai kai ba, kashi 90 cikin ɗari yake samu, kuma ƙarin shekara-shekara kan ragu. Ragin nan yana yi wa mai ƙaramin fansho ciwo ƙwarai.

A 2017, bayan matsin hukuma, tsohon mai kamfanin, Philip Green, ya amince ya biya fam miliyan 363.