Takardar Kafinta: Abin Dubawa Kafin a Ba da Kuɗin Ƙofofi

Yawancin rigimar mai gida da kafinta a kan ƙofa tana farawa ne tun ranar ciniki, sa'ad da aka tsaya a bakin shago aka ce "ƙofa shida, nawa?" aka faɗi kuɗi a dunƙule, aka yi musafaha. Bayan wata guda mai gida na cewa da makulli suka yi, kafinta na rantsuwa ba a ambaci makulli ba. Takardar farashi, wadda kafinta ke rubuta wa mai aiki kafin ya taɓa zarto, ita ce maganin wannan.

Mu ɗauki gida a Kano mai buƙatar ƙofofi shida na filawud: huɗu na ɗakuna, biyu na banɗaki. Bayan kwanan wata da gaisuwa, abin da ya kamata ya fara bayyana shi ne awo. Ƙofar ɗaki galibi faɗinta ƙafa 3 ne, tsawo ƙafa 7, ta banɗaki kuwa ƙafa biyu da rabi. Amma kafintan kirki ba ya dogara da abin da aka saba. Zai je ya auna kowace kafa da magini ya bari, domin sau da yawa sama da ƙasa ba sa zuwa daidai, sannan ya rubuta awon da ya samu.

Daga awon nan mai gida zai iya bin lissafin kayan da kansa. Fallen filawud ƙafa 4 ne a ƙafa 8, kuma kowace ƙofa tana cin biyu, gaba da baya, ke nan goma sha biyu. Firam na katako mai inci 2 a inci 6 yana son tsayuwa biyu masu ƙafa bakwai-bakwai da kai mai ƙafa uku. Idan katakon mai tsawon ƙafa 12 ne, biyu sun isa ƙofa ɗaya, ragowar ta yi kai. Hinjis uku-uku, goma sha takwas. Sai ƙananan katakon cikin ƙofa, makullai shida, ƙusa, gam, samfefa, maganin gara da fenti. In ka ga filawud ashirin a takarda, tambaya ta wajaba. In ka ga takwas, to wata ƙofar za ta zo da haɗe-haɗe.

Inda na fi damuwa shi ne layin da aka rubuta "katako" kawai. Madaci daban, farin katako mai taushi daban, a kuɗi da kuma jure wa gara. Dole a rubuta sunan itacen, a kuma rubuta cewa busasshe ne. Yawancin katakon da ake sayarwa a kasuwanni irin 'Yan Katako ta Na'ibawa daga kudu ake kawo shi, wani da sauran danshi a jikinsa. Aka yi firam da shi a haka, hunturu na shigowa zai tsuke, ya karkace, harshen makulli ya daina shiga raminsa. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa kuma yana dunƙulewa a bakin zarto. Haka filawud ɗin banɗaki: a faɗi kaurinsa da ko mai jure ruwa ne, don na gama-gari ɓarewa yake yi daga ƙasa.

Ladan aiki kuma a ware shi daga kuɗin kaya. Misali kawai, tunda farashi ba ya zama wuri ɗaya: kaya naira 420,000, aiki naira 15,000 kowace ƙofa, wato 90,000, kuɗin mota 10,000, jimla 520,000. Da wannan rabuwar, idan filawud ya tashi an san layin da ya motsa, in kuma mai gida ya ce shi zai sayo makullansa, sai a cire su ba gardama. A nan ne za a fayyace ko ladan ya haɗa da rataya ƙofa da shafa fenti, da wanda zai kafa firam a bango, kafinta ko magini, da wanda zai biya siminti.

Ƙasan takarda na sharuɗɗa ne. Kafinta yana da haƙƙin ya rubuta cewa farashin na mako ɗaya ne ko biyu, kada a dawo bayan wata uku a ce ya yi a tsohon kuɗi. Kafin alƙalami ya dace ya kai kuɗin kaya, domin bai kamata mai sana'a ya ci bashi a kasuwa saboda aikin wani ba, ciko kuma sai an rataya ƙofofi an gwada kowace. A sa ranar gama aiki, a sa alkawarin dawowa gyara idan ƙofa ta cije da damina.

Mai karatu, in kafintanka ba ya rubutu, ku zauna ka rubuta yana faɗa, a karanta masa a gaban shaida, kowa ya sa hannu ya riƙe kwafinsa, sannan ka miƙa kuɗi.