Tsarin Wasiƙar Neman Shaidar Malami

Wasiƙar da ɗalibi mai kammala karatu kan aika wa tsohon malaminsa domin neman takardar shaida ta faɗo ne tsakanin wasiƙar zumunci da ta hukuma. Saboda kunya, ɗalibi kan tsawaita gaisuwa, ya dunƙule buƙatarsa cikin "a taimaka mini," alhali kuwa malamin da ya koyar da ɗaruruwa ba lalle ne ya tuna shi ba. Kamata ya yi bayan "Allah ya gafarta Malam" ya gabatar da kansa, misali: "Ni ne wanda ka duba kundinsa kan Katsinanci a 2019." Sa'an nan ya ambaci inda za a aika takardar da ranar rufe karɓa. In babu waɗannan, malam kan rubuta shaidar gama-gari, wadda masu tantancewa ke ganewa nan take.