Faɗakarwa A Kan Shimfiɗa Intalok A Tsakar Gida

Duk wanda ya san ƙasar Mairuwa, wadda ke kan hanyar Funtuwa zuwa Gusau cikin ƙaramar hukumar Faskari, ya san cewa albarkar da Allah Ya yi wa ƙasan nan ta noman masara da auduga ita ce kuma jarrabawar mai gida idan damina ta kankama, domin ƙasa mai laka tana riƙe ruwa, ta yi taushi a watan Agusta, sa'an nan ta bushe ta dare idan hunturu ya shigo. Saboda haka ne masu hali a nan da Ƙanƙara da Sabuwa suka koma ga tubalan siminti masu shiga juna, waɗanda ake kira intalok, don su huta da taɓo. Amma sau da yawa kafin damina ta biyu sai ka ga shimfiɗar ta lotsa, ruwa ya kwanta, mai gida yana zargin tubali, alhali kuwa illar tana ƙarƙashinsa.

Asalin mas'alar shi ne, ba a ɗaure intalok da siminti. Abu uku ne ke riƙe shi: daɓaɓɓiyar ƙasa daga ƙasa, da madogari daga gefe, da rairayin da ya cika tsakanin tubali da tubali, kuma idan rukuni ɗaya ya tauye, sauran biyun ba za su isar ba. Bari mu ɗauki misalin fili mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6, wanda ake son ajiye ƙaramar mota a kansa, mu bi aikin daki-daki.

Farkon wajibi shi ne a san inda ruwa zai tafi tun ba a ɗaga diga ba. Sai a kafa turaku, a ja igiya, a daidaita su da tiyo mai ruwa, a ba filin gangare na santimita 2 a kowace mita, watau a tsawon mita 10 bakin wuriya zai kasance ƙasa da gindin ɗaki da santimita 20. Lalle gangaren ya nisanta daga bango, balle bangon ƙasa, kuma fuskar tubalan ta tsaya ƙasa da dokin ƙofa da misalin santimita 15. Haka nan a kiyaye kada a juya ruwan ga katangar maƙwabci, domin haƙƙinsa ba ya faɗuwa don mutum ya gyara gidansa.

Daga nan sai haƙa. Tubali mai kaurin santimita 6 ya wadatar ga tafiyar ƙafa da ƙaramar mota, sai fa idan babbar motar hatsi za ta riƙa shiga, to a nemi mai santimita 8, a kuma ƙara kaurin daɓe. A misalinmu, tubali 6, yashi 3, burji 15, jimla santimita 24 ke nan za a haƙe daga igiya. A kwashe baƙar ƙasar sama duk da saiwoyi da juji, domin abin da ke ruɓewa yana barin rami. Inda kuwa aka taɓa cike tsohuwar rijiya ko masai ko gidan gara, a tone shi a sake cikewa kaɗan-kaɗan ana dannewa, saboda a nan ne lotsawa take fara bayyana.

To, a kan burji ne ya kamata mai gida ya tsaya da kansa, domin a nan ake cin amana ba tare da ido ya gani ba. Filin namu zai ci jan burji misalin kubik mita 9 bayan an danne, don haka a sayo da rarar kamar kashi ɗaya cikin huɗu, tun da yana raguwa a ƙarƙashin injin daɓe. Kada a yarda a zuba shi gaba ɗaya a bi ta kai sau ɗaya, domin ƙarfin ƙaramin injin daɓe ba ya ratsa ƙasa mai kauri, sai sama ta yi tauri ƙasa tana sako-sako. Sai a raba shi hawa biyu, kowane hawa a yayyafa masa ruwa, a bi da inji tsaye da kwance har sau huɗu ko biyar. Ma'aunin ruwan a tafin hannu yake: ka dunƙule burjin, in ya wargaje ya yi bushewa, in ya ɓata hannu da taɓo ruwa ya yi yawa, in kuwa ya tsaya dunƙule ba ya ɗiga, to ya yi. Wannan ilmi ba baƙo ba ne ga iyayenmu mata da suka yi daɓen ɗaki da madaɓi. Alamar kammala ita ce a turo baro cike da yashi a kai, taya ba ta bar sawu ba.

Kafin a zuba yashi, sai a kafa madogarin gefe, watau dogayen tubalan kankare da ake jerawa a duk ɓangaren da babu bango, musamman bakin ƙofar mota da kewayen bishiya. A dasa su a kan kankare na kwano ɗaya na siminti da uku na yashi da shida na tsakuwa, a tallafe bayansu da shi har rabin tsayinsu, a bar su kwana biyu ko uku su kama. Hikimar abin ita ce, duk sa'ad da taya ta juya ko aka taka birki, tubalan suna tura juna zuwa gefe, in babu abin da ya tare su sai tsakaninsu ya buɗe, rairayi ya zube, ruwa ya sami hanya.

Shi kuwa yashin shimfiɗa, a nemi mai kaushi na rafi wanda babu laka a cikinsa, a baza shi santimita 4 a kan bututu biyu, a ja katako miƙaƙƙe a share, kada kuma kowa ya taka; bayan dannewa zai koma wajen 3. Babban kuskure shi ne a cike kwarin da aka bari a burji da yashi, domin yashi mai kauri ya fi lotsawa, sai kwarin ya sake fitowa a fuska. Ledar da wasu ke shimfiɗawa don hana ciyawa kuwa tana tare ruwa a cikin yashin, ga shi yawancin ciyawar daga irin da iska ta zuba a tsakanin tubala take tsirowa.

Tubali mai santimita 20 da 10 guda 50 ne ke rufe mita ɗaya ta murabba'i, filin namu zai ci 3,000, a ƙara 150 saboda yanka da fashewa. A zaɓi wanda ya sha ruwa ya daɗe bayan bugawa, domin siminti sai ya kai kwana 28 yake cika ƙarfinsa. In an gwara biyu aka ji amo mai kaifi, nagari ne, in gefensa yana marmashewa a yatsa, an yi algus. A fara jeri daga wajen gangare, mai jeri yana tsaye a kan abin da ya jera, kuma inda mota ke bi a yi jerin da kowane tubali ya gitta wa ɗan'uwansa, don kada layi ya miƙe tare da taya. A ƙarshe a bi da inji, a share busasshen rairayi cikin tsagogi, a sake bi, a maimaita har su ƙoshi, sa'an nan a ƙara bayan ruwan farko.

Saboda haka, ya kai mai gida, ka yi aikin nan da rani, kuma ka sanya sharaɗi ga magini cewa ba za a zuba yashi ba sai ka ga burji da madogari da idonka. Allah Ya sa mu dace.