Giram 2.65 da zobe guda a wuyan kwalba

Duk wanda ke son sanin ƙarfin asid a ɗakin gwajin sinadarai, dole ya gwada shi da wani ruwan da an riga an san ƙarfinsa daram. Wannan ruwan shi ne ma'auni, kuma da hannu ake haɗa shi daga gari. Garin da aka fi ɗauka a makarantu shi ne sodiyam kabonet, Na₂CO₃, ɗan uwan sinadarin da ke cikin kanwa, sai dai wannan tatacce ne. Ba a ɗaukar soda mai ƙuna, NaOH, domin tana zuƙar danshi da iskar CO₂ tun tana kan sikeli, nauyinta yana hawa kana kallo. Shi ma sodiyam kabonet yana shan danshi a hankali, don haka akan gasa shi a zafi kusan digiri 270, a bar shi ya huce a rufaffen mazubi mai busar da iska.

A ce ana son mililita 250 mai ƙarfin mol 0.100 a kowace lita. Mol ɗaya na garin yana da nauyin giram 105.99, abin da ake buƙata kuwa mol 0.025 ne, wato giram 2.65. Masu koyo kan ɓata lokaci suna tsince ƙwaya ƙwaya don sikeli ya nuna 2.65 cif, alhali ba shi ne abin nema ba. Abin nema shi ne a san ainihin abin da ya shiga. Sai a auna ƴar kwalba da garin a ciki, a juye a bika, a sake auna ta. In awon farko 15.32 ne, na biyu 12.66, to giram 2.66 ne ya shiga, ƙarfin ruwan zai zama 0.1004, kuma da wannan za a yi lissafi.

A narkar da garin da tataccen ruwa kaɗan. Bikar za ta ɗan yi ɗumi, a jira ta huce. Daga nan a zuba ta mazurari cikin kwalbar awo, mai faɗin ciki da dogon siririn wuya, wadda aka zana wa zobe guda. A ɗauraye bikar da sandar motsawa da mazurarin sau biyu ko uku, duk ruwan ɗaurayar ya bi cikin kwalbar. Ɗigon da ya maƙale a bika gari ne da aka auna amma bai iso ba.

A wuyan kwalbar ake gane gwani. Idan ruwa ya kusa zobe, a ajiye butar, a koma ɗigo ɗigo. Saman ruwan yakan lotsa a tsakiya, kuma gindin lotsawar ne zai zauna kan zoben. A sunkuya har ido ya yi daidai da zoben, gabansa da bayansa su haɗe su zama layi ɗaya. Kuskuren milimita ɗaya a nan ya kai kusan mililita 0.2. Wanda ya zarce kada ya tsotse rarar, domin ta riga ta gauraya da garin. Sai dai ya zubar ya sake daga farko. In an dace, a toshe, a danne murfin da yatsa, a kifa kwalbar a miƙe aƙalla sau goma. Ruwan ƙasa ya fi na wuya nauyi, girgiza kaɗai ba ta haɗa su. Alamar rashin gauraya ita ce gwaji na farko da na uku su ƙi jituwa.

To, ko an yi komai daidai, nawa za a yarda da 0.1004? Kwalba mai tambarin A ta mililita 250 tana iya kaucewa da mililita 0.15, wato kashi 0.06 cikin ɗari. Sikeli mai lamba biyu bayan ɗigo kuwa yana iya kaucewa da giram 0.01 a kowane awo, ga shi an auna sau biyu: 0.02 cikin 2.66 ya kai kashi 0.75 cikin ɗari. Jimilla kusan 0.8, don haka amsar gaskiya ita ce 0.1004 ± 0.0008. Shakkar sikelin ta ninka ta kwalbar fiye da sau goma. A ganina, makarantar da ke da ɗan kuɗi gara ta sayi sikeli mai lamba uku ko huɗu kafin ta nemi kwalba mai tsada.

Akwai kuma zafi. A jikin kwalbar an rubuta 20 °C, zafin da aka daidaita ta a kai ke nan. Gilashin ba ya buɗewa sosai, amma ruwa yana kumbura da kusan kashi 0.4 cikin ɗari tsakanin digiri 20 da 35. Ruwan da aka haɗa da azahar a Sakkwato cikin watan Afrilu, in aka kai shi ɗaki mai na'urar sanyi, zai sauka ƙasa da zoben, ƙarfinsa ya ɗan ƙaru. Shi ya sa takardar da ake liƙa wa kwalbar ajiya ke ɗauke da sunan sinadarin, ƙarfinsa, ranar haɗawa da zafin ɗakin a lokacin.