Kafin Ka Zaɓi Inshorar Mota Mai Araha, Karanta Wurare Uku

Duk wanda ya taɓa neman cikakkiyar inshorar mota a Najeriya ya san yadda cinikin yake tafiya. Za ka tambayi kamfani biyu ko uku, kowa ya turo maka takardar farashi, kai kuma idonka ya zarce kai tsaye zuwa layin ƙarshe, inda aka rubuta abin da za ka biya a shekara. Wanda ya fi sauƙi shi ne naka. Sai dai wannan adadi kuɗin da zai fita daga aljihunka yau kawai yake nunawa. Abin da zai dawo maka ranar da tsautsayi ya faɗa yana wasu wurare uku da yawancinmu ba ma karantawa: iyakar abin da kamfani zai biya, kason da za a bari a wuyanka, da abubuwan da kamfanin ya ce babu ruwansa da su.

A inshorar dole, wadda direbobi ke kira tad-fati, babu wani ciniki a kan farashi. Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ɗaga kuɗinta ga motar gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, ta kuma ɗaga iyakar diyyar dukiyar wani da ka lalata daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Wannan inshora ba ta gyara motarka, ta wanda ka buga take gyarawa. A cikakkiyar inshora kuwa, wadda ke ɗaukar nauyin motarka ita ma idan ta yi haɗari, ta ƙone ko an sace ta, hukumar ta ce kuɗin kada ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar. Saboda haka farashin kamfanoni ba ya yin nisa da juna sosai. Inda suke rabuwa da gaske shi ne cikin sharuɗɗa.

Mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara don bayani. Mutum yana da mota da kuɗinta a kasuwa ya kai naira miliyan 8. Kamfani na farko ya ce 400,000 a shekara. Na biyu ya ce 480,000. Tazarar 80,000 ce, kuma ba ƙaramin kuɗi ba ne, don haka ba laifi in zuciya ta karkata ga na farko.

To, a duba kason mai mota, wanda 'yan inshora ke kira ekses. Shi ne kuɗin da za a fara cirewa daga kowace diyya, kai ka biya shi, kamfani ya biya sauran. A takardar kamfani na farko an rubuta kashi 10 cikin 100 na kowace diyya, ko naira 100,000, duk wanda ya fi yawa. A ta biyu an rubuta 50,000 tsayayye. Wannan 'yar jimla ta "duk wanda ya fi yawa" ita ce ya kamata a karanta sau biyu.

Ga yadda take aiki. Wata rana a cunkoson Kofar Ruwa mai adaidaita ya goge masa gefe, fitila ta fashe, madubi ya karye, shi kuma ya sulale. Gyara ya kama 90,000. A kamfani na farko ba zai karɓi ko kwabo ba, domin ɓarnar ba ta kai 100,000 ba. Na biyu zai ba shi 40,000. Idan haɗarin ya fi haka, gyara ya kai 600,000, kashi goma zai zama 60,000, amma tunda 100,000 ta fi yawa ita za a cire, ya karɓi 500,000. Na biyu zai biya 550,000. Har yanzu dai tazarar ba ta tayar da hankali ba. Sai ranar da aka wayi gari babu motar a ƙofar gida. Idan sharaɗin ya haɗa da sata, kashi goma na miliyan 8 naira 800,000 ne, kuma daga aljihunsa za su fito, alhali a kamfani na biyu 50,000 kawai za a cire. Ya tsimi dubu tamanin a farkon shekara, ya yi asarar dubu ɗari bakwai da hamsin a rana ɗaya.

Ba ina cewa babban kaso kullum cuta ba ne. Wanda ke da 'yar ajiya, wanda gyaran dubu ɗari ba zai hana shi barci ba, yana iya zaɓen babban kaso da gangan don ya rage kuɗin shekara, ya bar inshorar don babbar musiba kaɗai. Wannan lissafi ne mai kyau. Abin da nake ƙi shi ne mutum ya ɗauki wannan nauyi bai sani ba, sai ranar da ya je karɓar diyya. Tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: idan gobe aka ce in kawo wannan kuɗi, ina da shi? In amsar a'a ce, tambayi wakilin ko akwai tsarin ƙara ɗan kuɗi a sauke kason, domin kamfanoni da dama suna sayar da shi. Ka kuma tambaya ko kason yana ƙaruwa idan matashi ne ko sabon direba ke tuƙi lokacin haɗarin. A gidan da yara suka fara karɓar makulli, wannan tambaya tana da nauyi.

Iyaka kuma iri biyu ce a takarda ɗaya. Ta farko ita ce ta dukiyar wani. A misalinmu kamfani na farko ya tsaya a miliyan 3, na biyu ya kai miliyan 5. Da yadda kayan gyara suka yi tsada, buga bayan wata babbar jif na iya cin miliyan 4 da rabi. Kamfani na farko zai biya ukunsa ya ja gefe, sauran miliyan 1 da rabi mai jif kai zai bi. Mai yawan bin hanyar Kaduna zuwa Abuja ko titunan da manyan motoci suka cika ya kamata ya ba wannan layi muhimmanci fiye da wanda ke zagayen unguwa.

Ta biyu ita ce darajar da aka rubuta wa motarka, kuma nan ne araha ta fi ruɗar mutane. Wani wakili zai ce, "Alhaji, mu rubuta miliyan shida mana, ka biya dubu ɗari uku kawai." Ka ji daɗi, ka ga an yi maka ragi. Ba ragi aka yi maka ba, an rage abin da ka saya ne. Idan an sace motar, miliyan 6 ce ƙurewar abin da za a yi magana a kai, kuma ba za ta sayo maka irinta ba. Ko a ƙaramin haɗari ma, inda takarda ke da sharaɗin biya gwargwadon darajar da aka rubuta, za a ce kashi uku cikin huɗu na motar ka yi wa inshora, don haka a gyaran 600,000 za a lissafa 450,000, sannan a cire kasonka daga ciki. Kafin ka jera farashi biyu, tabbatar darajar mota ɗaya ce a duka takardun. In ba haka ba, kamar mai gwada farashin masara ne a wurin 'yan kasuwa biyu bai lura mudunsu ba ɗaya ba ne. Kuma tunda farashin motoci na hawa, darajar da ta yi daidai bara tana iya zama ƙasa bana, sai a gyara ta lokacin sabuntawa. Akwai kuma ƙananan iyakoki da ke ɓoye a ciki, kamar na gilashin gaba da na kuɗin janwe, waɗanda kallo ɗaya ya isa a gane bambancinsu.

Sai abubuwan da aka ware. Kalmar "cikakkiya" tana sa mutum ya zaci komai na ciki, alhali kowace takarda tana da shafin abin da ba a biya. Wasu kusan ko'ina iri ɗaya ne: tuƙi ba lasisi, tuƙi cikin maye, lalacewar inji ta tsufa ko rashin kula, fashewar taya ita kaɗai. Waɗannan ba su raba kamfani da kamfani. Waɗanda ke rabawa su ne ambaliya da tarzoma. A wasu takardun suna ciki, a wasu sai ka ƙara kuɗi. Wanda ya ga yadda ruwan madatsar Alau ya shanye motoci a Maiduguri a Satumban 2024 ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Motar da ruwa ya shiga injinta da na'urorinta sau da yawa gyaranta ya kusa kuɗinta. Idan gidanka ko wurin aikinka a kwari yake, farashin da babu ambaliya a ciki bai kamata ma ya shiga gwaji ba. Haka wanda ke ajiye mota kusa da kasuwa ko babban titi, inda zanga-zanga kan rikiɗe, ya nemi ganin kalmar tarzoma a rubuce.

Wanda ya fi cin mutane a wajenmu shi ne sharaɗin amfani. Inshorar motar gida ta zirga-zirgar kai da iyali ce. Ma'aikacin da ke ɗan ɗaukar fasinja da yamma don ya rage kuɗin mai, ko wanda ya ba ƙaninsa mota yana kabu-kabu ko haya ta manhajar waya, ya fita daga sharaɗin. Idan haɗari ya faru da fasinjan kuɗi a ciki, kamfani na da hujjar ƙin biya gaba ɗaya, ko da ka shekara biyar kana biya ba fashi. Gara ka faɗi gaskiyar yadda ake amfani da motar tun farko, a ba ka farashin haya. Ya fi tsada, amma shi ne zai biya. Haka batun na'urar bin sawu: wasu kamfanoni na sharɗanta a saka ta kafin su ɗauki nauyin sata, kuma sai tana aiki ranar da aka sace motar. Na'urar da kuɗin hidimarta ya ƙare tana iya rushe diyyar miliyoyi.

Masu zaɓen takaful, kamar wanda Jaiz Takaful da Noor Takaful ke yi, su ma wannan karatu ya hau kansu. Tsarin ya bambanta, kuɗin gudummawa ne a asusun taimakon juna, amma takardar tana da iyaka, da kaso, da abubuwan da aka ware, kuma da su za a yi hukunci ranar diyya.

A aikace, nemi kowane kamfani ya ba ka cikakken rubutun sharuɗɗan kafin ka biya, ba takardar farashi mai shafi ɗaya kawai ba. Ka ɗauki asara uku da suka fi kusa da rayuwarka, ƙaramar guga, babban karo, da sata ko ambaliya, ka ce wa wakilin, "Malam, lissafa min nawa zan karɓa a kowanne." Ka haɗa kuɗin shekara da abin da zai rage a wuyanka a kowane hali, sannan ka gwada. Duk abin da ya ce maka da baki yana ciki, ya nuna maka layin, ko a ƙara shi a rubuce da hatimin kamfani, domin jami'in da zai duba diyyarka takarda zai buɗe, ba zai nemi wakilin ba. Bayan ka biya, shigar da lambar motarka a askniid.org, rumbun bayanan kamfanonin inshora na ƙasa, ka ga ko inshorar ta hau da sunan kamfanin da ka zaɓa da ranar ƙarewarta. In ba ta bayyana ba bayan 'yan kwanaki, koma ofishin kamfanin da rasit ɗinka.