Ƙoƙon kai a gona: na wa ne wannan?

Jama'a, duk wanda ke noma a wajen Zuba, ta ɓangaren Dutsen Zuma, ya san ruwan farko yakan tono ƙasusuwa. Kafin a ce kwabo hoto ya zaga wayoyi, an ce kan kura ne. Ba kasafai kurar take da hannu a ciki ba.

Fara da ajiye wani abu kusa da ƙashin kafin ka ɗauka. Takardar naira 1000 tsawonta kusan santimita 15 ne, kan kyanwa bai kai ta ba, na akuya ya ɗan zarta ta, na saniya kuwa sai ka jera uku. In babu ma'auni, ɓera ma sai ya zama giwa a waya.

Hoto ɗaya ba ya isa. A ɗauka ta gefe, ta sama, sannan a kifa shi a ɗauki haƙoran. Mai son gaskiya, baki yake dubawa.

Saniya, akuya da tunkiya ba su da haƙoran gaba a sama ko ɗaya, dasashi ne mai tauri, a ƙasa kuma guda 8. Saboda haka in ka ga gaban ƙashin sumul, ba zubewa suka yi ba. Wawulon gado ne.

Jaki yana da 6 a sama, 6 a ƙasa, manya kamar kan chebur. Ko ya mutu, haushinsa a bayyane yake.

Raƙumi ne ke ruɗa mutane. Ganye yake ci, amma babban namiji yana da fiƙoƙi masu tsini da za su sa ka rantse mai cin nama ne. Dubi turamensa masu faɗi na niƙa ciyawa, sai hankalinka ya kwanta.

Sai kwarmin ido. Na akuya da jaki a gefe yake, kuma ƙashi ya zagaye shi tsaf kamar zobe. Na kare a buɗe yake ta baya, zoben bai haɗe ba. Kare ko a ƙashi ba ya rufe ƙofa.

Ga misali. An turo hoto daga gona, tsawon kan ya ɗara takardar dubu da kaɗan, babu ƙaho, mai gonar ya dage kare ne ko 'yar kura. Ido a gefe, zobe a rufe, to an sallami kare. Babu fiƙa, gaban sama sumul, sai wani dogon giɓi, sannan turame 6 a kowane gefe, to mai tuƙa ce. Saura a raba akuya da tunkiya: a gaban idon akwai ɗan loɓawa kamar an danna da babban yatsa, wanda tunkiya ke da shi, akuya ba ta da shi. Kurar dai ta tashi a tunkiya, wataƙila ma ta layyar bara.

Kura ta gaskiya ba ta ɓuya. Haƙoran gefenta kauri gare su kamar turaku, na fasa ƙashi, kuma a tsakiyar kanta akwai zankon ƙashi mai tudu inda naman tauna ke kamawa. Kare yana da haƙori 42, kura 34. Ba yawa ba, ƙarfi.

Haƙoran gaba masu launin goro, biyu sama biyu ƙasa, na dangin ɓera ne. In na saman suna da tsaga uku-uku a tsaye, gyazbi ne. Ga mai ɓarnar masarar nan an kama shi da shaida.

Zomo kuwa yana ɓoye wasu ƙananan haƙora biyu daidai bayan manyan na sama. Ɓera ba shi da su. Wayon zomo har cikin baki.

In ƙashin ƙafa kawai aka samu, dubi ƙarshensa na ƙasa. Na saniya da akuya ya rabu gida biyu saboda kofatonsu a tsage yake, na jaki dunƙule ɗaya ne. Masu sayar da langaɓu sun haddace wannan tun suna yara.

Wani abin da ake ce wa kan dodo, mai ramuka biyu da ba haƙori ko ɗaya, sau da yawa ƙugun kaza ne ko na talotalo. Ramukan na cinya ne. Dodon a tukunya ya kwana.

Gwaggon biri yana da dogon baki da fiƙa kamar kare, amma idanunsa a gaba suke, kwarminsu a rufe har ciki kamar ƙoƙo. In kuwa kan ya zo a mulmule, babba, ido a gaba, babu dogon baki, kada ka taɓa, kada ka yaɗa hoton. Bar shi inda yake, ka tafi wurin mai unguwa.