Ranar suna a birnin Maraɗi: kwana bakwai ba su isa shiri ba

Aure ana sa masa rana, a ɗaga ta in hali bai samu ba. Suna kuwa ba ya jiran kowa. Jinjirin da aka haifa ran Talata, Talata mai zagayowa za a raɗa masa suna, ko albashi ya fito ko bai fito ba. Wannan shi ne abin da ke jefa magidanta da yawa na birni cikin bashi: suna jira sai an ce musu "barka", sannan su tashi neman rago da rumfa da masu dahuwa, a lokacin da kowane mai kaya ya san ba su da damar ja da baya.

A ƙauye dangi da maƙwabta su ne ke ɗauke wannan nauyi. Inuwa ta bishiya ce, tabarmi na aro ne, mata kuma su haɗu su yi daka. A birni kuwa kusan kowane abu sai da kuɗi. Saboda haka magidanci mai hangen nesa yakan soma shiri tun ciki yana wata bakwai, ya raba aikin gida biyu: abin da ake iya ajiyewa, da abin da sai an haihu.

Wurin zama

Tun bayan ambaliyar 1945, da aka tayar da garin Maraɗi daga bakin gulbi aka maido shi kan tudu, an shata unguwanni da hanyoyi miƙaƙƙu masu faɗi. Shi ya sa har yau mafi yawan sunaye a ƙofar gida ake yin su: maza a waje ƙarƙashin rumfar haya, mata a tsakar gida. Ɗakin taro na haya ya fi dacewa da shagalin aure. Taron maza na suna gajere ne, ana yin sa da sassafe, a raba goro da dabino, a yanka rago, liman ya yi addu'a, kowa ya wuce wurin aikinsa.

Amma hanya ta jama'a ce. Wanda rumfarsa za ta tare ta sai ya sanar da mai unguwa, ya nemi izini a ma'aikatar magajin gari, ya kuma gaya wa maƙwabtan da za a toshe wa ƙofa. Wanda ke zaune a gidan haya na mutane da yawa, tilas ya nemi yardar sauran mazauna, ko ya roƙi tsakar gidan wani ɗan'uwa, domin tukunyar biki da murhunta da wankin kwanoni suna cin fili fiye da yadda ake zato.

Masu ba da hayar rumfa da kujeru sun fi samun ciniki ran Asabar da Lahadi, da kuma watan da ke gaban azumi, lokacin da aure ke yawa. In suna ya faɗo a irin waɗannan ranaku, ranar haihuwa za a je a ba da kafin alƙalami, a rubuta yawan kujeru, da wanda zai biya kuɗin ɗauko su da maida su, da abin da za a biya in wata ta karye. A sa a kafa rumfar tun daren jajibiri. Da damina kuma, daga Yuni zuwa Satumba, a duba ɗaurinta da kyau, don iskar da ke gaban hadari takan ɗauke rumfar da ba a kafe ba.

Masu dahuwa

Akwai matan da dahuwar biki ita ce sana'arsu, kuma ta bakin matan unguwa ake samun na kirki. Uwargida ko gwaggon mai jego ita ta fi cancanta ta yi cinikin. Hanya biyu ce. Ko a ba mai dahuwa kuɗi ta kawo abinci dafaffe, ko a saya mata kaya a biya ta ladan aiki. Ta farko ta fi sauƙin kai, amma mai gida ba ya ganin abin da aka zuba. Ta biyu ta fi araha, muddin an sa wata dattijiya mai amana ta riƙe mabuɗin ɗakin kaya.

Gwanar mai dahuwa ana gane ta daga tambayoyinta. Za ta tambayi mutum nawa, kwano nawa za a aika gidaje, tukwane da itace da ruwa na wane ne, ƙarfe nawa ake son abinci ya sauka. Wadda ta yanke kuɗi ba ta tambayi ko ɗaya ba, ranar suna za a ji ta tana cewa mai ya ƙare.

Kilo ɗaya na shinkafa yakan ciyar da mutum shida ko bakwai, wato buhu mai kilo 25 ya ishi mutum kamar 150. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƙirga waɗanda za su zauna kaɗai, a manta da kwanonin surukai da maƙwabta da almajirai. Kuskure na biyu shi ne dogara ga ragon suna don miyar rana. A gidaje da yawa naman ragon soya shi ake yi a raba wa dangi, don haka naman miya dabam ake saye wurin mahauci.

Lissafin wani magidanci

A ɗauki misalin ma'aikaci a unguwar Zariya wanda ya tara jika 250, wato dala dubu 50, yana sa ran ciyar da mutum 150. Kuɗin da ke biye na misali ne, kowa sai ya gwada da farashin kasuwar ranarsa.

Ya ware jika 90 na rago. Abinci ya ci jika 70: shinkafa 15, mai da kayan miya da naman mahauci 45, itace da ruwa 10. Rumfa da kujeru jika 20, ladan masu dahuwa 20, goro da dabino 20, wanzami da ungozoma da malamai 10. Saura jika 20 ya ɓoye, bai gaya wa kowa ba, don baƙin da ba a zata ba da maroƙa.

Shinkafa da mai da itace ya saye su tun wata na bakwai, da kaɗan-kaɗan daga albashi biyu. Da ya ga haihuwar za ta zo kusa da babbar Salla, lokacin da raguna ke tsada, sai ya sayi nasa da wuri ya ɗaure a gida, domin kuɗin dusa da harawa na ƴan makonni bai kai ƙarin da za a yi masa ba. An haihu ran Talata. Ran nan ya kama rumfa, Laraba ya sanar da dangi, Alhamis aka ƙulla magana da mai dahuwa. Goro ya saya a kasuwar Juma'a, aka lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu don kada ya bushe. Tumatir da tattasai da albasa sai Litinin, nama kuwa da asubar ranar suna.

Abu ɗaya bai sa cikin lissafinsa ba, shi ne gudummuwa. Ita takan zo ranar suna, bayan an riga an kashe kuɗi, kuma wadda mata ke kawo wa mai jego biki ce da za ta rama in nasu ya tashi. Wanda ya ci bashin rago yana jiran gudummuwa ta biya, ya jingina da abin da ba ya hannunsa.

Ga kuma abin da bai kamata a taɓa ba ko kaɗan: kuɗin likita da na abincin mai jego. Rumfa ana kwance ta da maraice, kujeru su koma wurin mai su, amma mai jego na da kwana arba'in a gabanta tana buƙatar itacen wanka da kunun kanwa da nama. In kuɗi sun gaza, a rage kujeru, a rage kwanoni. Rago da addu'a sun wadatar, suna ya tabbata. Allah ya raya, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne.